Idan Saƙo Ya Tsaya a Tsakiya: Yadda Ake Neman Ragowar Cikin Ladabi

 

Yau maganarmu a kan saƙon da ya zo maka rabi ce. Kana karantawa, kana karantawa, sai kawai ka ga ya tsaya a kan "amma", ko "idan ka je ka", ko "Baba ya ce". Babu ci gaba. To me za ka mayar?

Yawancinmu ɗaya daga cikin abu uku muke yi. Wani ya tura alamar tambaya guda uku ya yi shiru. Wani ya rubuta "ban gane ba". Wani kuma, shi ne ya fi ba ni tsoro, ya ƙarasa jimlar a cikin kansa, ya tashi ya aikata abin da yake zaton an ce. Na farko da na biyu suna ɓata rai. Na uku yana iya cin kuɗi ko ya raba zumunci.

Bari mu fara da dalilin da saƙo yake yankewa, domin idan ka san dalilin ba za ka ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba.

A ɗauki tes, wato saƙon waya na kati wanda har yanzu iyayenmu masu ƙaramar waya suke amfani da shi. Tes guda yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma wannan lissafin na haruffan Turanci ne zalla. Da zarar ka saka ƙ, ko ɗ, ko ɓ, ko ɗan hoton fuska mai dariya ko da guda ɗaya ne, a yawancin wayoyi tsarin rubutun gaba ɗaya yake sauyawa, sai tes guda ya koma ɗaukar harafi 70 kacal. Idan saƙon ya wuce haka, waya tana yanyanka shi gida-gida, kowane yanki harafi 67, ta tura su ɗaya bayan ɗaya, wayar mai karɓa ta sake haɗa su. Misali saƙo mai harafi 150. Idan babu harafi mai lanƙwasa, tes ɗaya ne. Idan akwai ƙ guda a ciki, ya zama yanki uku. To a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, yanki biyu suna iya isowa na uku ya maƙale a hanya. Wasu wayoyin suna jira sai ya cika, wasu kuma su nuna maka abin da ya samu. Waɗanda suka riƙe tsofaffin Nokia za su tuna da rubutun nan `*some text missing*` da yake fitowa a inda yankin ya ɓace. Ka ga ke nan mai turowa ya rubuta maganarsa cikakkiya, a wayarsa ma cikakkiya take, bai san kai rabi ka gani ba.

WhatsApp daban yake. Rubutaccen saƙo a can ba ya zuwa rabi saboda sabis: ko dai ya iso duka, ko ya tsaya a wayar mai turowa da alamar agogo. Don haka idan ka ga rubutu ya yanke a WhatsApp, abu biyu ne. Ko dai saƙon dogo ne an naɗe shi, akwai `Read more` a ƙasa ba ka taɓa ba, ko kuma yatsan mutumin ne ya taɓa turawa kafin ya gama. Fara duba na farkon. Abin kunya ne ka ce wa malaminka saƙonsa bai cika ba alhali kai ne ba ka buɗe shi ba.

Sai saƙon murya, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu. Idan mutum ya danne alamar makirfo yana magana, da ya ɗaga yatsa saƙon ya tafi. Dattijo yana magana, jikansa ya ja masa riga, yatsa ya goce, shi ke nan an tura. Wani lokaci ma ya ci gaba da bayani shi kaɗai bai san naɗin ya tsaya ba. Yadda za ka gane shi ne ka duba tsawon saƙon da layin da ke tafiya. Idan layin ya kai ƙarshe kuma maganar ta tsaya a tsakiyar kalma, daga can ya yanke. Idan layin bai kai ƙarshe ba, wayarka ce ta dakatar da shi, sai ka sake kunnawa.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe, musamman mu masu rubutu da Hausa. Akwai saƙon da ya yanke amma bai yi kama da yankakke ba, kuma shi ne mai hatsari. Ku lura da yadda muke ƙirga. Muna cewa "ɗari", sannan mu ce "biyu". Muna cewa "dubu goma", sannan mu ƙara "sha biyar". Abin da yake ƙayyade adadin a baya yake zuwa. Idan aka rubuto maka "ka tura masa dubu ɗari" ya yanke a nan, jimla ce mai ma'ana, ba abin da zai sa ka zargi komai. Amma ƙila abin da aka rubuta "dubu ɗari biyu da hamsin" ne. Haka sharaɗi: "ka sayar da masarar" magana ce cikakkiya, amma idan ragowar ita ce "in ta kai farashin da muka yi magana", ka ga ma'ana ta juya. Mu Hausawa sau da yawa muna fara faɗin umarni, sai mu biyo shi da "amma", "sai dai", "in har". Wutsiyar maganar ita ke riƙe da nauyin.

Shi ya sa idan saƙo ya ƙare a kan adadi, ko a kan umarnin da ya shafi kuɗi, ka tsaya ka duba alamu. Mutumin nan ya saba rufe saƙonsa da "na gode" ko "sai na ji ka", yau babu? Ya ce abu biyu zai faɗa maka, ɗaya kawai ka gani? Idan lamba ce ma abin ya fi sauƙi, ƙirgawa za ka yi. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce, lambar waya kuma 11 idan ta fara da sifili. Ka ga tara, ka san akwai saura. Kada ka ce bari in gwada ƙara lamba ɗaya in ga sunan wa zai fito.

To an tabbatar saƙo ya yanke. Me za a rubuta?

Kafin komai, ɗan dakata. Idan a WhatsApp ne kuma kana ganin alamar mutumin yana rubutu ko yana naɗar murya, bar shi ya gama. Minti biyu zuwa biyar ba za su kashe ka ba. Tun shekarar 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi, don haka mai yiwuwa ma ka ga saƙon ya cika da kansa, da ɗan rubutun `Edited` a gefe. Idan ka yi saurin tura "???" yana tsakiyar gyarawa, ka katse shi ne kamar yadda ake katse mutum yana magana a zaure.

Idan ka jira shiru, amsarka tana buƙatar abu huɗu, kuma duka suna shiga cikin layi uku.

Na farko gaisuwa, daidai da matsayin mutumin. Abokinka "salam" ta ishe shi. Kawunka ko malaminka sai ka yi masa cikakkiya, ko da kana sauri.

Na biyu, ka faɗi daidai inda saƙon ya tsaya, da kalmominsa. Wannan shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi amfani. Ka tuna a wayarsa saƙon yana iya zama cikakke. Idan ka ce "ban gane ba", zai ɗauka Hausarsa ce ba ka fahimta ba, ko kana yi masa gardama ne. Idan ka ce "sake turowa", bai san me zai sake ba, sai ya sake tura dogon saƙon nan, ya sake yankewa a wuri ɗaya. Amma idan ka ce "ya tsaya a kan kalmar kaza", nan take ya san abin da ya rage.

Na uku, ka jingina abin ga saƙon ko ga hanya, kada ka jingina shi ga mutumin. Ku saurari bambancin nan. "Ba ka gama rubutu ba." Da kuma: "Saƙon bai iso duka ba." Ta farko tana nuna shi da yatsa, ta biyu tana faɗin abin da ka gani ne kawai. Kuma ta biyun gaskiya ce ko da yatsansa ne ya goce, domin kai abin da ka sani shi ne bai iso duka ba. Ba sai ka yi ƙarya ka ce wayarka ce ta lalace ba.

Na huɗu, ka faɗi abin da za ka yi kafin ragowar ta zo. Wannan yana hana shi zaton ka riga ka aikata.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kai matashi ne a Kurmin Kogi, lokacin tumatirin rani. Kawunka yana kasuwar Mile 12 a Legas, shi yake karɓar kayan gidanku a can. Da hantsi sai ga tes daga wajensa:

"Salam. Kasuwa ta ɗan motsa yau. Ka faɗa wa Alhaji a loda kwando ɗari, direban zai taso daga Hunkuyi bayan la'asar, amma kada a"

Nan ya tsaya. Kada a me? Zuciyarka za ta fara kawo maka amsoshi. Kada a biya direba duka? Kada a cika kwandunan sosai? Kada a haɗa da kayan wani? Kowanne yana iya zama, kuma kowanne aikinsa daban. Ga shi tumatir ba masara ba ne da za ka ce bari a bari sai gobe. An tsinke shi, yana cikin rana, ga doguwar tafiya a gabansa.

Amsar da ba ta dace ba ita ce: "Kawu kada a me?" Tana da gajarta, amma ka karanta ta da muryar mutumin da yake tsaye cikin hayaniyar kasuwa, za ka ji kamar tsawa ce daga yaron da ya goya. Ɗaya kuma ita ce "To Kawu, an gama." Wannan ta fi muni, domin ka ba shi tabbacin ka ga duka, shi kuma zai saki jiki.

Ga wadda ta dace:

"Wa alaikumus salam Kawu, ina wuni, ya kasuwa? Saƙon ya iso amma bai cika ba, ya tsaya a kan 'amma kada a'. Don Allah a ƙaro min ragowar, ko in kira yanzu idan da hali. Na sanar da Alhaji maganar kwando ɗari, amma ba za mu fara lodi ba sai na ji daga gare ka."

Ku duba abin da wannan amsa ta yi. Ta maimaita "kwando ɗari", don idan adadin ma akwai kuskure ya gyara. Ta nuna masa wurin yankewar. Ta ba shi zaɓi biyu, rubutu ko kira, ba ta umarce shi ba. Sannan ta raba aikin gida biyu: abin da za a iya yi ba tare da asara ba, wato sanar da Alhaji da tara kwanduna, da abin da idan an yi shi warware shi wahala ne, wato lodi. Wanda za a iya janyewa ka yi shi, wanda ba a janyewa ka jira.

Idan tes za ka mayar, ka lura kada taka amsar ma ta yanke. Gajarta ta, ka sa muhimmin abu a farko. A irin wannan wuri babu laifi ka rubuta k da d marasa lanƙwasa don saƙon ya tafi a yanki ɗaya, in dai ma'ana ba za ta rikice ba.

A ce minti 20 sun wuce babu amsa, la'asar tana matsowa. Kada ka jera masa saƙo biyar. Kira shi. Idan ba ta shiga, nemi wani da kuka sani a kasuwar ya kai masa waya. Idan ya ɗauka, kada ka fara da "tun ɗazu nake jira". Ka gaishe shi, ka karanta masa abin da ya iso. A misalin namu sai ya ce: "Au, bai zo ba? Cewa na yi kada a sa wanda aka tsinka shekaranjiya, ya nuna da yawa, ba zai kai Legas ba." Ka ga duk hasashenka uku babu wanda ya dace. Da ka ƙarasa da kanka, da an loda nunannen tumatir ya isa can ya zama ruwa, a zo ana neman wanda za a ɗora wa. Bayan kun gama wayar, tura masa layi ɗaya: "Kawu, kamar yadda muka yi, kwando ɗari, ban da na shekaranjiya." Yanzu magana ta zauna a rubuce.

Akwai wurare uku da wannan tsari yake ɗan sauyawa.

Na ɗaya, idan saƙon ya shafi lafiya ko tsaro. "Inna ta faɗi a", "muna hanyar Zariya mota ta". A nan ladabi shi ne ka kira nan take, ba zaman tsara kalmomi ba. Idan ba a ɗauka ba, ka tura gajere: "Na ga saƙonka ya yanke, lafiya? Ina ta kira." Sannan ka nemi wanda yake kusa da shi. Abin da ba za ka yi ba shi ne ɗaukar hoton rabin saƙon ka watsa a guruf ɗin dangi. "Baba ya" yana iya zama "Baba ya ce a zo da takin gobe". Kafin a gano haka, wata yayarka a Kaduna ta riga ta fara kuka.

Na biyu, a cikin guruf. Idan babba ne ya turo sanarwa ta yanke, misali a guruf ɗin ƙungiyar matasa ko na tsofaffin ɗalibai, mutum ɗaya ya isa ya yi magana. Ya ja saƙon gefe ya amsa a kansa don a san wanne ake nufi, ya ce: "Ranka ya daɗe, sanarwar ta tsaya a kan 'za a haɗu ranar', muna jiran ranar da wurin." In kuma abin zai iya ba shi kunya, kamar saƙon muryar da ya yanke aka ji hayaniyar gida, bi shi ta gefe ka gaya masa shi kaɗai. Masu tura hoton dariya a ƙarƙashin irin wannan, ku sani dattijon yana gani, kuma gobe ba zai ƙara turowa ba.

Na uku shi ne wanda ba waya ce ta yanke shi ba, mutumin ne ya kasa ƙarasawa. Kun san irinsa. "Yaya, dama ina so in ce maka..." sai shiru. Ko ka ga alamar rubutu ta fito ta ɓace, ta sake fitowa ta ɓace. Wannan kunya ce ko nauyin baki. Galibi roƙo ne, ko bashi, ko wata damuwa da mutum ya daɗe yana juyawa. Yadda za ka bambanta shi da yankewar waya: yana tsayawa ne daidai bakin maganar, ba a tsakiyar kalma ba, sau da yawa da ɗigo-ɗigo a ƙarshe, kuma kafin nan akwai doguwar gaisuwa fiye da yadda aka saba. Idan ka ce wa irin wannan "saƙonka bai cika ba, sake turowa", ka mayar da shi kamar mai cike fom. Abin da yake buƙata shi ne a buɗe masa ƙofa: "Ina jin ki ƙanwata, faɗi kawai, ba komai. In kin fi so in kira ki, sai in kira." Kada ka yi masa hasashe, kada ka ce "kuɗi ne ko?" Idan ka canka daidai ka kunyata shi, idan ka kuskure ka ɓata masa. Idan ya ce "a bar shi kawai", ka ce to, duk lokacin da ya shirya kana nan, kuma ka sake tuntuɓarsa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Kafin mu rufe, kalma biyu ga mu masu turawa. Idan za ka yi doguwar murya a WhatsApp, danna makirfo ka ja shi sama ya kulle, sai ka saki yatsa ka yi maganarka, ka saurara kafin ka tura. Ku koya wa iyayenmu wannan, minti ɗaya ne. Idan adadi za ka rubuta, sa shi da lamba, 250,000, ka kuma sa sharaɗin kafin umarnin: "in ta kai kaza, ka sayar". Kuma idan wani ya ce maka saƙonka bai cika ba, kada ka ce "ai na turo". Ka gode masa, domin da ya yi shiru ya aikata abin da ya ga dama, kai za ka kwana a ciki.

Nan za mu tsaya a yau. Wanda yake da irin amsar da yake bayarwa idan babba ya turo masa rabin saƙo, musamman 'yan'uwanmu mata game da surukai, a rubuto mana yadda ake faɗinta a gidajenku, za mu karanta wasu a shiri na gaba.